Waya Ta Ƙi Haɗuwa da Bulutut: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu fama da wayar da ta ƙi kama iyafis, sifika, rediyon mota, agogon hannu ko firintar rasit. An fara da masu sauƙi. Sunayen da aka rubuta da Turanci su ne yadda za ka gan su a fuskar waya, kuma sukan ɗan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan.

1. Me yake faruwa idan waya ta haɗu da wata na'ura a karo na farko?

Na'urorin biyu sukan ƙirƙiro wata lambar sirri, wato makulli, kowacce ta ajiye nata kwafin. Wayar ta rubuta cewa ga makullin sifika kaza, ita ma sifikar ta rubuta cewa ga makullin waya kaza. Daga ranar ba sai an sake gabatar da su ba. Da zarar sun ji juna, sai su gwada makullin, in ya yi daidai su jone. Shi ya sa waya take da kalmomi biyu: `Pair` shi ne haɗin farkon da ake yin makulli, `Connect` kuma shi ne jonawar yau da kullum.

Wanda ya riƙe wannan ya fahimci mafi yawan matsalar. Makullin a wuri biyu yake. Idan ɓangare ɗaya ya goge nasa, ko ya lalace, ɗaya ɓangaren zai ci gaba da miƙa tsohon makulli ana ƙin karɓa. Gyaran da aka yi a waya kaɗai sau da yawa ba ya isa, saboda na'urar ma tana da tata ajiyar.

2. Wayata ba ta ganin na'urar ko kaɗan. Ina zan fara?

Fara da tabbatar da cewa na'urar tana cikin yanayin neman haɗi. Kunna ta kawai bai wadatar ba. Yawancin sifikoki da iyafis, in aka kunna su, tsohuwar wayar da suka sani suke nema, ba sa bayyana kansu ga sabuwa. Sai ka danne maɓallin kunnawa ko mai alamar bulutut na wasu daƙiƙu har fitila ta fara ƙyaftawa da sauri. A wasu za ka ga ja da shuɗi suna musanya, wasu kuma murya ce za ta sanar da kai. Wannan yanayi ba ya daɗewa, mintuna kaɗan ne ya rufe kansa, don haka ka buɗe shafin `Bluetooth` a wayar tukuna, sannan ka danna `Pair new device`.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi: wata waya a gidan ta riga ka. Idan wayar ƙaninka ko ta uwargida ta taɓa haɗuwa da sifikar, kuma bulutut ɗinta a kunne yake, to da an kunna sifikar ita za ta cafke. Na'urar da take jone da wani yawanci takan daina bayyana kanta. Ka sa a kashe bulutut a duk wayoyin da suka taɓa amfani da ita, har da kwamfuta, ka sake nema.

Sauran ƙanana ne. Ka kusanto da su, kamar kamu ɗaya ko biyu, ko da yake nisan aikin irin waɗannan na'urori ya kai kimanin mita 10 a fili. Ka tabbata akwai caji sosai a na'urar. Wasu iyafis kuma ba sa shiga neman haɗi muddin suna jikin caja. Idan agogon hannu ne, tsallaka zuwa tambaya ta 11.

3. Tana ganin sunan, amma in na danna sai ta ce `Couldn't pair` ko ta yi ta juyawa. Jiya kuma lafiya lau yake aiki.

Wannan ita ce alamar saɓanin makulli da aka yi bayani a tambaya ta 1. Yakan faru bayan wayar ta sabunta manhajarta, ko bayan an mayar da na'urar saitinta na asali, ko bayan an ba wani aron ta ya haɗa da wayarsa. Kowace na'ura tana da iyakar adadin wayoyin da take iya tunawa. Idan ajiyar ta cika, wasu sukan ture wayar da ta fi daɗewa ba tare da sanarwa ba, alhali ita wayar tana nan tana ganin har yanzu an san ta.

Maganin shi ne a goge ajiyar a ɓangarorin biyu, kuma jerin yana da muhimmanci: goge na'urar daga waya (tambaya ta 4), goge wayar daga na'ura (tambaya ta 5), kashe bulutut ka kunna (tambaya ta 6), sannan ka haɗa kamar yau ka sayo ta. Sake danna sunan sau goma ba zai canja komai ba, domin makulli ɗaya ake ta miƙawa.

4. Yaya zan goge na'ura daga ajiyar wayata?

A Android, shiga `Settings`, sai `Connected devices` ko `Bluetooth`. A Samsung yana ƙarƙashin `Connections`. Kusa da sunan na'urar akwai alamar saiti, danna ta ka zaɓi `Forget` ko `Unpair`. A iPhone, shiga `Settings`, sai `Bluetooth`, danna alamar `i` da ke gefen sunan, sannan `Forget This Device`. Kada ka rikita shi da `Disconnect`, wanda yake yanke jonawar kawai ya bar makullin a wurinsa.

Tunda ka shiga, duba jerin gaba ɗaya. Idan ka ga suna ɗaya ya fito sau biyu, goge duka biyun. Haka nan na'urorin da ka rabu da su tuntuni, sifikar da ta lalace da motar da aka sayar, babu amfanin barin su.

5. Ita kuma na'urar, yaya ake goge tata ajiyar?

Nan babu hanya ɗaya, kowane kamfani da tasa. A mota akwai jeri da za ka gani da idonka, a shafin waya ko na bulutut na rediyon, ka zaɓi suna ka goge. Sifika da iyafis ba su da fuska, sai dai a danne maɓalli. A wasu ana danne maɓallin kunnawa fiye da yadda aka saba, a wasu ana haɗa maɓalli biyu a danne tare. Takardar da ta zo a kwalin ita ce za ta faɗa maka, kuma in ta ɓata, rubuta sunan samfurin tare da kalmar `reset` a wurin bincike.

Misali ɗaya da aka sani: AirPods masu maɓalli a bayan akwati. Ana saka su cikin akwatin, a buɗe murfin, a danne maɓallin na kimanin daƙiƙa 15 har fitilar ta yi ruwan lemo sannan ta koma fara. Bayan haka sun manta da duk wayoyin baya, don haka kowace waya da take da sunansu sai ta goge ta sake haɗawa.

6. An ce in kashe bulutut in kunna. Na yi, babu abin da ya canja.

Ya danganta da inda ka kashe shi. A iPhone, tun daga iOS 11, danna alamar bulutut a `Control Center` ba ya kashe rediyon, na'urorin da ke jone kawai yake sallama. Kashewa ta gaskiya tana cikin `Settings`. `Airplane mode` ma ba abin dogaro ba ne kamar da: sababbin wayoyin Android sukan bar bulutut a kunne idan akwai iyafis a jone, iPhone kuma tana tuna cewa ka taɓa kunna shi a cikin wannan yanayin, sai ta bar shi.

Yi shi daki-daki. Kashe daga `Settings`, jira kamar daƙiƙa 10, kunna. In bai yi ba, kashe wayar ɗungurungum ka sake kunnawa, domin hakan ne yake tayar da manhajar da take sarrafa rediyon daga farko. Ita ma na'urar a kashe ta. A mota, murɗe makulli ba lallai ya kashe rediyon nan take ba, a wasu sai an buɗe ƙofar direba an ɗan jira.

Akwai kuma gwaji mai amfani: kashe wayfay da `Hotspot` na ɗan lokaci. Bulutut yana aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda wayfay ma yake amfani da shi, kuma a yawancin wayoyi guntun lantarki ɗaya ne yake ɗauke da su biyun. Idan haɗin ya yiwu bayan ka kashe su, ka gano cewa cunkoso ne, ba lalacewa ba.

7. Shin in yi `Reset network settings`? Me zan rasa?

Ka yi, amma bayan matakan tambaya ta 3 sun gaza, musamman idan wayar ta ƙi na'urori daban-daban. A Android yana goge duk na'urorin bulutut da aka ajiye da duk wayfay da lambobin sirrinsu, kuma a wasu wayoyi har da saitin data na layi. Hotuna, lambobin mutane da saƙonni ba ya taɓa su. A wayoyi da yawa hanyar ita ce `Settings`, `System`, `Reset options`. A Samsung kuwa `General management`, sai `Reset`. Idan wayarka Tecno ce ko Infinix ko itel kuma ba ka gan shi a nan ba, rubuta `Reset` a wurin bincike na saman `Settings`. A iPhone: `General`, `Transfer or Reset iPhone`, `Reset`, `Reset Network Settings`.

A kula sosai a wannan shafin. A kusa da shi akwai `Erase all data` ko `Factory data reset`, wanda yake share wayar kaf. Karanta abin da za ka danna sau biyu. Sannan ka tuna cewa bayan wannan mataki wayar Android ta zubar da makullanta duka, su kuma na'urorin suna riƙe da nasu, don haka kowacce sai an sa ta neman haɗi daga farko.

8. Tana tambayata lamba. Wace lamba zan sa?

Tsofaffin na'urori da marasa fuska yawanci `0000` ne ko `1234`. Tun daga bulutut 2.1 na shekarar 2007 aka kawo hanyar da ba sai an rubuta lamba ba: ko dai su haɗu kai tsaye, ko lamba mai alƙaluma 6 ta fito a waya da fuskar mota, ka duba sun yi daidai, ka amince a duka biyun. Mutane kan amince a waya su manta da motar, lokaci ya ƙare, haɗin ya faɗi. Idan kibod kake haɗawa, lambar da ta fito a waya a kan kibod ɗin ake buga ta, a ƙarasa da `Enter`.

9. Wayata bulutut 5 ce, sifikar kuma tsohuwa. Ko shi ya sa ba su dace ba?

Da wuya. Waya mai bulutut 5 tana magana da sifika mai 3.0 ko 4.0 ba tare da matsala ba, don an tsara sabo ya riƙa fahimtar tsoho. Mutane suna ba wa wannan lamba muhimmancin da ba ta da shi. Abin da ya kamata a duba shi ne aikin da kowace na'ura ta iya, domin a bulutut kowane aiki da ƙa'idarsa. `HFP` na kiran waya ne. `A2DP` na sauti ne, kamar karatu ko waƙa. `AVRCP` shi ne yake ba maɓallin sitiyari ko na iyafis damar tsayarwa da wucewa gaba. `HID` na kibod ne da makamantansa. Dole ɓangarorin biyu su san ƙa'ida ɗaya kafin aikin ya yiwu. Za su iya haɗuwa lafiya, amma abin da kake so ya ƙi.

Rabuwa ta gaskiya ɗaya ce. A 2010, tare da bulutut 4.0, aka shigo da wani nau'i mai ƙarancin cin batir, `Bluetooth Low Energy`, wanda ba ya magana da nau'in asali. Wayoyin zamani suna da duka biyun. Amma ƙaramar waya mai maɓalli ko tsohuwar rediyon mota da take da na asali kaɗai ba za ta taɓa ganin na'urar da take da sabon kaɗai ba, komai yawan gogewa da kunnawa.

10. Na sayi mota 'yar Kwatano. Waya ta ƙi haɗuwa, daga baya ta haɗu amma kira kawai ake ji.

Matsaloli biyu ne a nan, bari a bi su ɗaya bayan ɗaya. A ɗauka motar ƙirar wajen 2008 ce, wayar kuma sabuwar Android. Ka tsayar da motar tukuna, domin motoci da yawa ba sa yarda a yi sabon haɗi suna tafiya. Shiga jerin wayoyin da ke rediyon. Motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje takan zo da sunayen wayoyin masu ita na baya, kuma gurabe kaɗan ne. Idan sun cika, wasu rediyoyin ba sa ture kowa, sabuwar wayar kawai suke ƙi. Goge sunayen duka. A wayar ma goge sunan motar idan ya shiga yayin gwaje-gwajen baya. Kashe mota, buɗe ƙofa, jira rediyon ya mutu, tayar. Zaɓi ƙara sabuwar waya daga rediyon, sannan ka nemi motar daga waya, ka sa lambar da ta nuna. Idan wayar ta nemi izinin ba motar lambobin mutane, wannan zaɓinka ne, ƙin yarda ba ya hana kira.

Yanzu an haɗu, kira yana fita ta sifikokin mota, amma sauti yana fitowa daga wayar. Danna alamar saiti kusa da sunan motar a waya. Idan ka ga `Phone calls` da `Media audio`, kuma na biyun a kashe yake, kunna shi, sannan ka juya rediyon zuwa `BT Audio` maimakon `FM`. Idan kuwa `Media audio` babu shi sam a jerin, motar ce ba ta da `A2DP`. Motoci da yawa na wancan zamani don kira kaɗai aka sa musu bulutut, kuma babu saitin da zai ƙara musu abin da ba a gina su da shi ba. Kada ka biya kowa kuɗin gyaran wannan. Mafita ita ce ƙaramin abin karɓar bulutut da ake soka wa ramin `AUX`, ko wanda ake sa wa a ramin caji yana watsa sauti ta tashar `FM`.

Idan sauti yana fita amma maɓallan sitiyari ba sa aiki ko sunan abin da ake saurare ba ya bayyana, `AVRCP` ne. A Android ana iya sauke shi: danna `Build number` sau 7 don buɗe `Developer options`, nemi `Bluetooth AVRCP version`, zaɓi 1.4 ko 1.3, sannan ka goge motar ka sake haɗawa. Kada ka taɓa sauran abubuwan da ke wannan shafin.

11. Agogon hannuna ba ya fitowa a jeri, ko ya fito amma ba ya aiki.

Yawancin agogunan nan ba daga `Settings` ake haɗa su ba, daga cikin manhajarsu ake yi. Idan ka riga ka haɗa ta `Settings`, manhajar kan kasa ganin agogon, don haka ka goge shi a can (tambaya ta 4) ka fara daga manhajar. Sai izini: daga Android 12 zuwa sama manhajar tana bukatar `Nearby devices`, a Android 6 zuwa 11 kuwa sai an ba ta izinin `Location` kuma an kunna shi, in ba haka ba bincikenta ba zai nuna komai ba. Agogo mai amsa kira kan fito da suna biyu, ɗaya na manhaja, ɗaya na murya, kuma na biyun ne ake haɗawa a `Settings`.

Akwai kuma waɗanda ba su dace ba tun asali. Apple Watch sai da iPhone. Galaxy Watch 4 da waɗanda suka biyo bayansa ba sa aiki da iPhone. A tambayi wannan kafin a biya kuɗi.

12. Kunne ɗaya ne kawai yake magana a iyafis ɗina.

Iyafis marar igiya haɗi biyu yake yi: na dama da na hagu su kama juna, sannan su kama waya. Idan na farkon ya warware, wani lokaci har suna biyu za ka gani a waya. Goge duka, mayar da kunnuwan cikin akwati, goge ajiyarsu kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 5, fito da su tare, ka ba su 'yan daƙiƙu su sami juna kafin ka buɗe bulutut na waya. Duba kuma 'yan ƙarafan caji da ke cikin akwatin. Gumi da ƙura, musamman lokacin hunturu, sukan rufe su, sai kunne ɗaya ya kwana bai yi caji ba. Busasshen ƙyalle ko auduga ya isa.

13. Firintar rasit tana aiki da Android amma iPhone ba ta ganin ta. Haka ma tura hoto.

Ƙananan firintocin da masu shago suke amfani da su da yawansu suna bin ƙa'idar `SPP`, wadda Android take karɓa, iPhone kuma ba ta buɗe ta ga kowace na'ura ba. Sai firintar da aka rubuta a kwalinta cewa tana aiki da iOS, kuma ita ma galibi daga cikin manhaja ake haɗa ta. Tura hoto ko fayil ta bulutut tsakanin iPhone da Android ma ba ya yiwuwa, saboda iPhone ba ta da ƙa'idar tura fayil ɗin. Ba lalacewa ba ce, kuma matakan tambaya ta 3 da ta 7 ba za su taimaka ba.

14. Yaya zan gane cewa laifin wayar ne, har sai an kai wa mai gyara?

Yi gwaji biyu kafin ka fita. Haɗa na'urar da wata waya, sannan ka haɗa wayarka da wata na'ura. Idan na'urar ta ƙi kowace waya bayan an goge ajiyarta, ita ce ta lalace. Idan wayarka ta kama wasu na'urori ta ƙi wannan kaɗai, ko saɓanin makulli ne ko rashin dacewa, koma tambaya ta 3 da ta 9. Idan wayar ta ƙi kowa da kowa, gwada ta a `Safe mode`, inda manhajojin da ka sauke ba sa aiki. In ta haɗu a can, wata manhaja ce take shiga tsakani, sai ka fara cire waɗanda ka sa kwanan nan. Duba kuma ko akwai sabuntawar da take jira a `Software update`.

Alamun lalacewar kayan ciki a bayyane suke: maɓallin bulutut ya dushe ba ya dannuwa, ko ka kunna ya kashe kansa nan take, ko wayfay ma ya mutu tare da shi, musamman bayan wayar ta faɗi ko ta sha ruwa. Idan kuma tana haɗuwa amma sai an manna ta da na'urar, kuma hakan ya fara ne bayan an canja mata fuska ko batir, a duba eriya, wataƙila ba a mayar da ita daidai ba. Ka faɗa wa mai gyaran gwaje-gwajen da ka riga ka yi. Idan ya ce sai an yi filashin, ka kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, kuma ka tabbata kana tuna lambar sirrin asusun Google ɗin da ke kan wayar, domin za ta neme shi bayan an share ta.